Yadda ake rubuta wasiƙar ƙin karɓar riƙon muƙamin manaja idan babu ƙarin albashi

Manajan reshe ya ajiye aiki, ko an yi masa canjin wuri, ko rashin lafiya ta kwantar da shi. Sai mai kamfani ya kira ka ofis ya ce: "Kai za ka riƙe mana wurin nan kafin mu samu wani." Ka yi godiya, ka tambayi batun albashi a hankali, a ce maka a bar wannan tukuna, kasuwa ba ta da kyau. Irin wannan yana faruwa sosai a Gombe, a injinan casar shinkafa, da gidajen mai, da makarantun kuɗi, da shagunan dillancin taki da maganin feshi. Mutane da yawa sukan karɓa don kunya, ko don tsoron kada a ce sun raina. Waɗanda suka ƙi kuma sukan ƙi da baki cikin fushi, su ɓata abin da suka daɗe suna ginawa. Hanyar da nake ganin ta fi ita ce wasiƙa gajera, wadda take ƙin sharaɗin ba tare da ta ƙi aikin ko mai aikin ba, kuma wadda za ta isa hannunsa kafin makullan ofis su shigo hannunka.

Zan bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. A ce kai ne mai kula da sito a wani kamfanin sayar da taki da iri a cikin garin Gombe, ka shekara uku kana aiki, albashinka naira 120,000 a wata. Manajan da ya tafi yana karɓar naira 200,000. An ba ka takarda ranar 2 ga Yuni cewa za ka zama muƙaddashin manaja daga ranar 9, "har sai abin da hali ya yi", kuma albashinka yana nan yadda yake.

Mataki na farko: ka tabbatar tayi ne ko umarni

Kafin ka ɗauki biro, ka ɗauko takardar da aka ɗauke ka aiki da ita ka karanta. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 7, ta wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci rubutaccen bayanin sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da fara aiki, kuma idan sharuɗɗan suka canza ya sanar da shi a rubuce cikin wata ɗaya. Abin da kake nema a cikin takardar shi ne ko akwai wata jimla da ta ce za ka yi "duk wani aiki da shugabanni suka ba ka", ko wadda ta yi maganar riƙon muƙami kai tsaye. Idan akwai littafin ƙa'idojin ma'aikata, ka duba shi ma, domin wasu kamfanonin sun rubuta alawus na riƙo a ciki, ma'aikatan ne ba su karanta ba. In ka same shi, wasiƙarka ta sauƙaƙa, abin da suka rubuta da hannunsu kawai za ka tuna musu.

Jimlar "duk wani aiki" ba ta nufin za a iya ɗora maka muƙami sabo mai alhakin kuɗi da mutane, babu ranar ƙarewa, babu biya. Amma tana nufin ka yi taka-tsantsan da kalmominka, kada wasiƙar ta yi kama da ƙin bin umarni.

Ma'aikacin gwamnati kuwa, ko a sakatariyar jiha yake ko a ma'aikatar tarayya, wannan wasiƙar ba tasa ba ce. A ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya ƙin karɓar wurin da aka tura ka laifi ne da ake ba da takardar tuhuma a kansa, kuma ƙa'idojin sun tanadi alawus ga wanda aka naɗa riƙo a hukumance. Shi abin da zai rubuta shi ne neman a tabbatar da naɗin a takarda, a biya shi haƙƙinsa. Maganata a nan a kan ma'aikacin kamfani mai zaman kansa take.

Mataki na biyu: ka yi lissafin da ba za ka sa a wasiƙa ba

Wannan lissafin naka ne kai kaɗai, don zuciyarka ta tsaya wuri ɗaya lokacin da aka fara lallashinka. A misalinmu, yanzu kana awa takwas a rana, kwana 26 a wata, wato awa 208. Idan ka raba naira 120,000 a kansu, kowace awa tana kawo maka kusan naira 577. Manaja kuwa shi ne mai buɗewa, shi ne mai rufewa, a ce awa goma a rana, wato awa 260 a wata. Da albashin nan naka, awarka ta sauka zuwa kusan naira 462. Ka ga ashe ba tsayawa albashin ya yi ba, raguwa ya yi. Ban ma sa kuɗin katin waya da man babur na zirga-zirga tsakanin banki da sito ba, kuma kowa ya san yadda mai ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023.

Amma awoyi ba su ne babban abin ba. Babban abin shi ne sa hannu. Watan Yuni a Gombe lokacin taki ne, manoma da 'yan sari daga Kumo, Bajoga da Dadin Kowa suna ta shigowa, wasu da kuɗi a hannu, wasu da bashi sai kaka. Tirela ɗaya tana sauke buhu 600. Idan aka zo ƙidaya aka ga buhu biyar babu, a ce kowane buhu naira 40,000, an yi giɓin naira 200,000, wato ya fi albashinka na wata ɗaya da rabi. Wa za a tambaya? Wanda ya sa hannu a takardar karɓar kaya. Bashin da tsohon manaja ya bayar da baki, wanda ba a rubuta a littafi ba, shi ma kai za a ce ka karɓo.

Akwai kuma wani abu a doka da ya kamata ka sani. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya taƙaita yadda mai aiki zai yanki albashin ma'aikaci saboda asara, har ya ce jimlar abin da za a yanka a wata kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku. Sai dai ma'anar "ma'aikaci" a sashe na 91 ba ta haɗa da masu aikin shugabanci da gudanarwa ba. Saboda haka wanda ya hau kujerar manaja yana iya fita daga inuwar wannan kariya, ya koma dogaro da abin da kwantiraginsa ya ce kawai. Ɗaukar wannan kasada a kyauta, ba takarda, ba wa'adi, abu ne da ban ga dalilin da zai sa mai iyali ya yi ba.

Ban ce kowane riƙo marar biya abin ƙi ba ne. Idan na mako biyu ne manaja ya tafi Umara, ka riƙe, zumunci ne na aiki. Idan na wata uku ne, an rubuta ranar ƙarewa, an rubuta cewa bayan nan za a tabbatar da kai ko a mayar da kai wurinka, kana iya ganin ribar ƙwarewar ta isa. Wanda ake gudu shi ne riƙon da ba shi da iyaka, domin kamfanin da ya ga aiki yana tafiya da naira 80,000 a aljihunsa kowane wata ba shi da gaggawar neman manaja.

Mataki na uku: ka yi magana da baki kafin takarda

A wurinmu, takarda da ta faɗo wa babba ba sallama tana kama da ƙara. Ka nemi ganinsa shi kaɗai, ba a gaban yaran shago ba, ba kuma lokacin da mota take sauke kaya ba. Ka ce: "Ranka ya daɗe, na ga takarda, na gode da wannan yarda. Na yi tunani, akwai abin da ya yi mini nauyi a ciki, zan rubuto maka amsa gobe in Allah ya kai mu don komai ya zama a rubuce." Iyakarta ke nan. Kada ka shiga ciniki a tsaye, domin a nan ne ake cewa "haba, ai kai ɗanmu ne", kai kuma kunya ta sa ka ce to.

Daga wannan lokaci har ka miƙa wasiƙar, kada ka karɓi makullin ofis ko na sef, kada ka karɓi littafin cek, kada ka sa hannu a takardar miƙa aiki, kada ka yarda a sa lambarka a matsayin mai karɓar saƙon banki na kamfani. Wanda ya yi mako biyu yana aikin manaja sannan ya rubuto cewa bai karɓa ba, ya raunana maganarsa da kansa, domin aikinsa ya riga ya nuna yarda. Shi ya sa amsa take bukatar fita cikin kwana biyu ko uku, kafin ranar da aka sa ta farawa.

Mataki na huɗu: rubuta wasiƙar

Shafi ɗaya ya isa. A sama ka sa sunanka, muƙaminka na yanzu da kwanan wata, sannan muƙamin wanda ya sa hannu a takardar tayin, domin shi za ka mayar wa amsa. Idan ofishinku da Turanci ake rubutu, ka fara tsara ta da Hausa yadda kake nufi, sannan a juya ta, kuma ka karanta juyin da kyau kada mai juyawa ya ƙara mata zafi ko roƙon da ba ka yi ba. Ga yadda tamu za ta kasance:

"Ranka ya daɗe,

Amsa game da riƙon muƙamin manajan reshe

Na karɓi takardarka ta ranar 2 ga Yuni, wadda aka nemi in riƙe muƙamin manajan reshe daga ranar 9 ga Yuni. Na gode ƙwarai da yardar da aka nuna mini.

Bayan na yi nazari, ina sanar da kai cikin girmamawa cewa ba zan iya karɓar wannan riƙo a kan sharuɗɗan da takardar ta zo da su ba. Muƙamin ya ƙunshi alhakin kuɗin reshe, da kayan sito, da bashin abokan ciniki, da kula da ma'aikata, tare da ƙarin lokacin aiki. Takardar ta nuna albashina zai tsaya yadda yake, kuma ba ta faɗi ranar da riƙon zai ƙare ba.

Idan kamfani zai sake duba lamarin, a shirye nake in karɓa idan aka rubuta abubuwa uku: alawus na riƙo, da wa'adin da bai wuce wata uku ba tare da bayanin abin da zai biyo baya, da ƙidayar kaya da lissafin bashi a gaban akanta kafin a miƙa mini aiki.

Kafin nan zan ci gaba da aikina na mai kula da sito kamar yadda na saba, kuma zan ba duk wanda aka naɗa cikakken haɗin kai.

Na gode.

Naka cikin biyayya,
Wane, mai kula da sito."

Kowane sakin layi a nan yana da aikinsa. Na farko ya kawo kwanan watan takardarsu da ranar farawa, don ko bayan shekara aka ɗauko fayil a san me ake amsawa. Godiyar jimla ɗaya ce. Idan ta yi yawa, mai karatu zai ɗauka kana neman a ƙara lallashinka ne.

Na biyu shi ne zuciyar wasiƙar, kuma kalmomin da suka fi muhimmanci su ne "a kan sharuɗɗan da takardar ta zo da su". Da su ka nuna ba aiki kake gudu ba, ba kuma mutum ka raina ba. Ka lura ban ce "ina ganin kamar zai yi mini wuya" ba. Irin wannan lafazi mai santsi yana barin ƙofa a ce ai bai ƙi ba, ranar Litinin ka tarar an ajiye maka makulli a tebur. Ka lura kuma dalilin ɗaya ne, kuma gaskiya ne. Mutane suna son fakewa da cewa mahaifiyarsu ba ta da lafiya, ko suna karatu a ƙarshen mako, ko ba su ƙware ba tukuna. Duk ukun suna cutar da kai. Uzurin gida ana warware shi a ce za a rage maka lokaci, sai ka rasa abin faɗa. Cewa ba ka ƙware ba kuwa, ka rubuta da hannunka hujjar da za a hana ka muƙamin ranar da ya zo da albashinsa.

Sakin layi na uku zaɓi ne. Idan kai ko da kuɗi ba ka son kujerar, ka cire shi gaba ɗaya, kada ka sa sharaɗin da in an cika shi za ka shiga uku. Idan ka bar shi, ka riga ka san adadin da za ka yarda da shi kafin a tambaye ka. Ni ina ganin kada a rubuta adadin a wasiƙar farko, a bar shi sai an zauna. Ma'aunin da ya fi sauƙin karewa shi ne bambancin albashin biyu. A misalinmu naira 80,000 ne, sai ka fara daga nan, ka san a ranka inda ba za ka sauka ƙasa da shi ba, a ce rabi. Sharaɗin ƙidayar kaya kuwa kada ka sassauta shi ko an ba ka kuɗin duka, domin shi ne yake raba giɓin da ka tarar da wanda ya faru a hannunka.

Na huɗu shi ne garkuwarka idan wani ya so ya juya maganar ta zama taurin kai. Ya nuna a rubuce cewa aikin da aka ɗauke ka dominsa kana kansa.

Abin da ba ya shiga wasiƙar: albashin tsohon manaja idan a ɓoye ka ji shi, sunan wani abokin aiki da aka yi wa ƙari, tsohon alkawarin da ba a cika ba, barazanar ajiye aiki, da ambaton kotu ko lauya. Kada kuma ka kawo tsadar masara da kuɗin makarantar yara. Gaskiya ne, amma yana mayar da maganar roƙon taimako, alhali kai maganar nauyin aiki da ladansa kake yi.

Mataki na biyar: miƙawa da riƙe shaida

Ka buga kwafi biyu, ka sa hannu a duka. Ka kai da kanka, ka ba shi ko sakatarensa ko mai kula da ma'aikata, ka roƙi a sa hannu da kwanan wata a kwafinka, in akwai hatimi a buga. Idan aka ƙi sa hannu, kada ka yi gardama. Ka koma ka aika hoton wasiƙar ta imel ko ta WhatsApp zuwa lambar da ake aikin ofis da ita, da gajeren saƙo cewa ga kwafin wasiƙar da na miƙa yau. Kwafinka da takardar tayinsu ka kai gida ka ajiye, ba a durowar ofis ba. Kuma kada ka nuna wa abokan aiki. Mai gida yakan haƙura da ƙi na sirri, amma da wuya ya haƙura idan ya ji ana labarin a wurin mai shayi.

Abin da zai iya biyo baya

Wani lokaci a kira ka a yi ciniki, wanda shi ne mafi kyau. Duk abin da aka amince, ka ce a sake buga takarda da adadin da ranar ƙarewa kafin ka karɓi makulli. "Za mu duba maka bayan kaka" ba sharaɗi ba ne, sai an rubuta wata da adadi.

Wani lokaci a yi shiru, a naɗa wani. Ka cika alkawarin da ka rubuta, ka taimake shi da gaske, ko da ƙaninka ne a aiki.

Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne a karɓi wasiƙar a ce ba komai, sannan aikin manajan ya riƙa gangarowa kanka kaɗan-kaɗan. Yau a ce ka kai kuɗi banki, gobe ka sa hannu wa direba, jibi ka sasanta rigimar lebura. Alamar ita ce ka ga sa hannunka a takardun da da ba kai kake sa musu ba. Taimako na rana ɗaya ba laifi, amma idan ya kai mako, ka rubuta layi biyu kana tuna wasiƙarka ta ranar kaza, kana tambaya wa aka ɗora wa alhakin waɗannan takardu.

Akwai kuma yiwuwar a ba ka takardar tuhuma, ko a sallame ka, kuma bai kamata in ɓoye maka wannan ba. Takardar tuhuma ka amsa ta a rubuce cikin lokacin da aka ba ka, a natse, ka maƙala kwafin wasiƙarka, ka nuna ba ka bar ko ɗaya daga ayyukanka ba. Game da sallama, sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya sa mafi ƙarancin sanarwa: mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga mai shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga mai shekara biyar ko fiye. Kai mai shekara uku, mako biyu ne ko kuɗinsu, sai in kwantiraginka ya ba da fiye da haka. Rigimar aiki irin wannan Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce take da hurumin saurarenta tun gyaran tsarin mulki na 2010, kuma tana da reshe a Bauchi. Kafin a kai can, ana iya kai kuka ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiha don a sasanta, ko wurin ƙungiyarku in kuna da ita.

Saboda wannan yiwuwar, ka auna halin mai gidanka da halin aljihunka tun kafin ka rubuta. Idan ka san mutum ne da ba ya jure a ce masa a'a, kuma ba ka da abin da zai riƙe gida ko na wata biyu, ka juya tsarin wasiƙar: ka fara da cewa ka yarda ka riƙe na wata ɗaya tak daga ranar kaza zuwa ranar kaza, bayan an yi ƙidayar kaya a gaban akanta, kuma ci gaba bayan wannan rana sai an rubuta alawus. Sauran wasiƙar, da kwafi biyu, da sa hannun karɓa, duk suna nan yadda suke.